Amsa kan na'urar gane fuska ta ƙofar ma'aikata

"Injiniya, na'urarmu ta gane fuska tana ƙin ma'aikata da sassafe. Threshold ɗin yana kan 0.6, mai sayarwa ya ce FMR ɗinta 1 cikin 10,000 ne. In sauke shi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, don Allah kada a taɓa shi tukuna. Ita na'urar nan maki take bayarwa. Ta ɗauki fuskar wanda ya tsaya, ta gwada da hoton da ke ajiye, ta ce kamarsu ta kai 0.72 ko 0.41, misali. Shi Threshold layin cin jarrabawa ne: wanda makinsa ya haura ya wuce, wanda ya gaza a ƙi shi. In ka sauke layin, naka za su daina shan wahala, amma baƙo ma ya samu sauƙi. FMR shi ne yawan yadda take ɗaukar wani a matsayin wani. Kishiyarsa FNMR, wato ta ƙi mai gaskiya, shi ke damunku yanzu. Da layin kaɗai, in ka danne ɗaya, ɗayan ya tashi.

To ga inda nake so a saurara. Wannan 1 cikin 10,000 na gwadawa ɗaya ne, fuska ɗaya da hoto ɗaya, kuma a kan wani layi aka auna shi, ka tambayi mai sayarwar wanne. Taku kuwa duk rajista take bi. A ce kuna da mutum 2,000. Baƙo ɗaya ya tsaya, an gwada shi sau 2,000 ke nan, to kusan baƙo ɗaya cikin biyar zai yi daidai da wani. Tun ba a sauke komai ba fa! Kuma ƙin mutum kowa na gani, don zai yi ƙorafi. Wanda ta karɓa bisa kuskure shiru zai wuce abinsa.

Sannan a 2019 hukumar NIST ta Amurka ta gwada manhajoji da yawa, ta gano kuskuren haɗa fuska ya fi yawa a kan mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da gabashin Asiya, wani lokaci ninki ɗari a kan na gabashin Turai. Alƙaluman kwali ba lallai a kan fuskokinmu aka auna ba, balle wa da ƙani masu kama.

Abin yi, a buɗe tarihin makin. In waɗanda ake ƙi suna samun 0.55 da safe, 0.75 da rana, matsalar haske ce, wataƙila rana na bayansu, fuska ta yi duhu. A sa fitila ta gaba, a sake ɗaukar hotunan rajista. In da hali, kowa ya fara danna lambarsa ko ya nuna kati, sai a gwada shi da hotonsa kaɗai. Turo min makin na kwana uku in duba.