Kaya sun iso Kwatano, amma banki ya ƙi biya

Tambaya: "Ni ɗan kasuwa ne a Yamai. Na buɗe takardar lamuni ta banki don shigo da shinkafa, jirgi ya iso Kwatano lafiya. Yanzu an ce takardu ba su daidaita ba, an tsai da kuɗin mai kaya. Me ya sa?"

Alhaji, banki ba ya ganin shinkafarka, takardu kawai yake dubawa. Ƙa'idar UCP 600 ke nan, wato ƙa'idar da bankunan duniya ke bi kan takardun lamuni, wadda ta fara aiki a 2007. Alkawarin da ya ɗauka shi ne zai biya idan takardun sun cika sharuɗɗan da aka rubuta.

Misali, sharaɗi ya ce a yi lodi kafin ƙarshen ranar 30 ga Yuni, sai takardar lodin jirgi ta nuna 2 ga Yuli. Kwana biyu kacal, amma sun isa a ƙi takardun. Idan bankinka ya biya a haka ba da yardarka ba, kana da ikon ƙin mayar masa da kuɗinsa, shi ya sa yake ƙin irin waɗannan takardu. Haka ma idan an kira shinkafar da wani suna a rasitin mai kaya, ko nauyin da ke rasiti ya saɓa da na takardar lodi.

Bankin yana da kwana biyar na aiki ya duba, kuma dole ya lissafa duk saɓanin a sanarwa guda. Je ka karɓi wannan jerin yau, domin kuɗin ajiyar kwantena a tashar jirgi ba ya jiran kowa. In saɓanin bai cuce ka ba, ka rubuta wa bankin cewa ka yafe. Yawanci yakan amince, ya biya, ya sakar maka takardu.