Kyanwa za ta raba ni da ɓeraye?

Tambaya: "Ɓeraye sun addabe ni a kicin da sito, har silin ina jin gudunsu da dare. In samo kyanwa ne ko in sayi magani?"

Amsa: 'Yar uwa, gaskiya kyanwa tana ragewa amma ba ta ƙarar da su, kuma dalilin yana wajen haihuwa. Ɓera ɗaya cikinta kwana 19 zuwa 21 ne kawai, ta zubo 'ya'ya biyar ko shida, su ma kafin wata biyu sun fara nasu, to kin ga ko kyanwar na kama ɗaya kullum wasu na can cikin silin da bayan kabad inda ba ta iya shiga suna cin karensu babu babbaka. Ramin da fensir zai shige ya ishi ƙaramin ɓera wucewa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne da an kawo kyanwa sai a daina ganin ɓera a fili, a ce ai sun gudu, alhali warinta suka ji suka koma ɓoye. Ki gwada da kanki, ki barbaɗa gari siriri a gindin bango da dare, da safe ki duba sawu. Ki kuma duba kashinsu, sabo baƙi ne yana ɗan sheƙi, tsoho ya bushe yana murmushewa. In kika share yau gobe kika ga sabo, suna nan.

Sannan ba kowace kyanwa ke farauta ba, wata ɓera zai gifta gabanta ko a jikinta, manya irin su gafiya kuwa yawancin kyanwoyi kauce musu suke yi. Don Allah kar ki hana ta abinci wai don ta yi kamu, ramewa za ta yi ta koma sata.

Ni dai kuɗin nan da za ki kashe, ki fara da robobi ko durom masu murfi ki juye hatsi, buhu ba ya tare ɓera. Ki cusa soson ƙarfe a ramuka musamman inda famfo ya ratsa bango ki bi da siminti, sai tarko guda biyar ko shida a jere jikin bango, don ta gefen bango suke bi, ba tsakiyar ɗaki ba.

In har kin kawo kyanwar to ki manta da maganin ɓera, wallahi in ta ci wanda ya sha guba ita ma tana iya tafiya, ga kuma yara. Kwanon abincinta ki ɗauke da dare, in ba haka ba ɓerayen kike ciyarwa. Kuma in akwai mai juna biyu a gidan kar ta riƙa kwashe kashin kyanwar, akwai cutar da ake ɗauka ta nan mai taɓa jariri a ciki.