Shekara 6 a takarda, wata nawa a bakin aiki?

"Malam, ina neman wanda zai riƙe mini sito, sai ƙanena ya kawo takardar tarihin aikin wani abokinsa. Ya rubuta ƙwarewar shekara 6: kamfani na farko 2018 zuwa 2021, na biyu 2020 zuwa 2022, na uku 2023 zuwa 2024, kuma wai ya ƙara ciniki da kashi 300 cikin 100. Ƙanena ya ce karon shekarun kuskuren rubutu ne. In ɗauke shi?"

Alhaji, kuskurenka shi ne ka bar ƙanenka ya amsa tambayar da mai takardar ne kaɗai ya kamata ya amsa. Ƙanenka ya san mutumin a wurin hira, amma bai taɓa ganin takardar kama aikinsa ba.

Ka duba yadda shidan ta fito: 3 da 2 da 1. To, tsakanin 2020 da 2021 an ƙirga shi sau biyu, domin a lokacin takardar ta ajiye shi a kamfani biyu. Wannan na iya zama gaskiya idan ɗayan aikin na wucin gadi ne, sai dai mai gaskiya yakan rubuta hakan da kansa. Aiki na ukun ma ya fi damuna, saboda "2023 zuwa 2024" tana iya zama wata 24, tana kuma iya zama wata 2 kacal, daga Disamba zuwa Janairu. Don haka ka kira shi, ba tare da ƙanenka ba, ya rubuta watan shigarsa da na fitarsa a kowane wuri, sannan ka gwada da takardun kama aiki da na albashi, ka kuma tuntuɓi kamfanonin ta lambar da kai ka nemo, ba wadda ya ba ka ba.

Na kuma lura kashi 300 ɗin nan ne ya ɗauke maka hankali. Ma'anarsa ciniki ya ninka sau huɗu, kuma mai riƙon sito ba shi ke sayarwa ba. Ka tambaye shi daga nawa zuwa nawa, cikin wata nawa, da kuma abin da shi kansa ya yi. Na taɓa tantance wani da ya ce ya ninka ciniki, da muka bincika ashe a shekarar ce kamfanin ya buɗe reshe na biyu.

Aikin sito duk kwanan wata ne da adadi: yaushe kaya suka shigo, katan nawa suka fita. Wanda shekarun aikinsa suka ƙi daidaituwa ya riga ya sa kowane layi na takardarsa cikin shakka, har shaidar karatunsa. Idan takardun sun warware karon, ka ɗauke shi gwajin wata 3, kana ƙirga kaya da kanka duk mako. Idan ya fara kame-kame, ka gaya wa ƙanenka a'a.