Jar ƙasar da ke bakin gudoro ba ta faɗin ko ina ne

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram. Ƙanena yana aikin yaron mota, sun tashi da kamiyo zuwa Agadas yau kwana biyu kuma wayarshi ba ta shiga. Jiya aka sako hoton wata kamiyo da ta kife a gurup ɗin unguwarmu, wani ya ce ya rantse tsakanin Tanut da Adarbisinat ne, wai jar ƙasar ya gane. Inna ko abinci ta kasa ci. Na turo maka hoton, don Allah ka duba ƙasar da duwatsun nan, can ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya jishe ku alheri. Na buɗe hoton a kwamfuta na ƙara mishi girma, kuma kafin na shiga dogon bayani ki je ki ce ma Inna duwatsun da ke bayan motar nan ba irin na tsakanin Tanut da Adarbisinat ba ne. Ƙasa ba za ta faɗa min inda ƙanenki yake ba, amma zancen mai rantsuwar nan bai tsaya ba.

Jar ƙasar dai ita ce ke tada min hankali, don kusan kullum sai an turo min irin wannan. Shekaru na yi a labo ta shantiyen hanya, aikinmu shi ne mu nemo inda za a haƙo laterit, wato marmara, mu auna ta, mu ce ta yi ko ba ta yi ba. To wannan jan da kike gani a bakin gudoro, mita ɗaya ko biyu a kowane gefe, mu muka kawo shi da kamiyo. Ba ƙasar wurin ba ce. Ana haƙo marmara da tsakuwarta daga rami, wani lokaci kilomita 10, wani lokaci 40 ko fiye in yankin babu, a shimfiɗa ta kamar santimita 15 zuwa 20, a zuba ruwa a daddanne, sannan a ɗora gudoro a tsakiya a bar gefe haka nan ja. Shi ya sa za ki bi hanya cikin farin rairayi fes amma bakin hanyar ja wur. In kuma ana gyara an buɗe wata hanyar kaucewa a gefe, motoci sun yi wata uku suna tada ƙura, to har itatuwa da bangon gidaje sai sun koma ja. Mutum ya zauna a kan tabarma da waya, ya ga wannan, ya ce wallahi Tanut ne. Da wannan hujjar ai hanyar Magarya ma Tanut ce, ta Doso ma Tanut ce, ta Burkina da Mali duk Tanut ne.

Ko da a ce jan na asalin wurin ne, ba ya nuna gari. Kin san dai jan nan tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa ce, inda ruwa ke wucewa bai kwanta ba sai ta yi ja, inda ake ɗan jiƙa sai ta yi rawaya, inda ruwa ke kwana kamar fadama sai ta koma toka-toka ko baƙa. Abin da launi ke faɗi kenan, labarin ruwa ne, kuma daga Senegal har Cadi haka yake. Cikin gona ɗaya ma a nan kudancin Damagaram sai ki tashi daga jigawa mai ja-ja a kan tudu, ki ratsa geza, ki sauka kwari ki tarar da baƙar laka, duk ba ki yi tafiyar minti goma ba. Wanne daga ciki ne launin Damagaram?

Sai ita wayar kanta. Ƙasa ɗaya ki ɗauke ta da azahar, ki sake ɗauka dab da magariba, za ki rantse wuri biyu ne. In an yi ruwa ta jiƙe sai ta yi duhu, in hazo ne komai ya dushe ya yi fari-fari, kuma wayoyin yanzu da kansu suke ƙara ma hoto kala don ya yi kyau, ga shi an tura shi daga gurup zuwa gurup ya sha matsa. Mu a fili ba ma yarda da idonmu ma, akwai ɗan littafin launuka na Munsell da muke kara dunƙulen ƙasa a jikinshi, a busshe sannan a jiƙe, kafin mu rubuta. Dabarar da za ki iya yi da hoto ita ce ki nemi abin da kika san fari ne a ciki. A naki akwai wani mutum tsaye da farar riga, ki duba da kyau rigar ta yi ruwan goro. Kenan duk hoton ya sha jan rana, sai ki rage kaso mai yawa daga jan ƙasar.

To ina ake duba ƙasar gaskiya? A tsallake bakin hanya, a tsallake ramukan da aka ɗebi ƙasa don cikon hanyar, wato kamar mita 30 na farko a manta da su. Can baya ake kallo. In akwai suri ya fi komai, don gara daga ƙarƙashi take fito da ƙasa. Bakin kwazazzabo da ruwa ya yanka shi ma yana nunawa, haka bangon ɗakin ƙasa na ƙauye don ba mai sayen mota ya kawo ƙasar gini daga nesa. A hotonki can bayan mutanen ƙasar ba ja ba ce, ruwan toka ce mai haske da burbushin tsakuwa, irin wadda dutsen garanit ke bari in ya ruɓe.

Dutse ya fi ƙasa faɗin gaskiya saboda ba a ɗauko tsauni a kamiyo, amma shi ma siffarshi ake dubawa ba launi ba. Na hotonki manyan ƙwallaye ne masu santsi, an ɗora wani kan wani kamar da gangan, babu layi-layi a jikinsu. Garanit kenan, irin wanda kike gani kullum a Birni. Garanit in ya tsattsage ruwa na cin kusurwoyinshi har ya mulmule, shi ya sa yake haka. Dutsen yashi kuwa hawa-hawa yake kamar an jera tabarmi, ya kan yi gangare a miƙe da kai a baje. Duwatsun Dogon Dutse misali, kansu shafe kamar tebur da hular marmara mai duhu a sama. In kika shiga Adar wajen Malbaza da Kaita sai ki haɗu da farin dutse wanda ake siminti da shi, da tuddai masu baƙaƙen tsakuwa. Gabas bayan Gure zuwa Gudumariya da Maine kuma tudun rairayi ne da kwaruruka masu goriba da dabino da kanwa, dutse sai an nema.

Yanzu ki bi hanyar Agadas da ni. Damagaram a kan garanit take zaune, abin da ya sa ruwa ke ba mu wuya kenan. Amma da kin fita arewa ba nisa garanit ɗin ya nutse ƙarƙashin dutsen yashi, shi ya sa aka je Arunguza da Ganaram aka haƙa rijiyoyin da ke shayar da gari, don can ne dutsen ke riƙe ruwa. Daga nan har Tanut, kusan kilomita 150, Damargu ce, rairayi da laka da ƙananan tuddai. Bayan Tanut fili ne shimfiɗe har Adarbisinat, gaba can ki sauka gangaren Tigidit wanda shi ma dutsen yashi ne, sai filin laka har Agadas. Garanit ba ya sake fitowa sosai sai an shiga duwatsun Abzin. Wato daidai wurin da mutumin nan ya rantse a kai, daidai nan ne babu irin waɗannan ƙwallayen.

Kar kuma ki juya ki ce to Malam ya ce Damagaram ne. Ban ce ba, kuma in na ce na zama irinshi. Dutse yana iya cewa ba nan ba ne, da wuya ya ce nan ne. Irin wannan garanit akwai shi a hanyar Mirya zuwa Gure da duwatsun Muniyo, akwai shi a Dutse ta Jigawa, a Bauci, a Jos, akwai shi can yamma wajen Tera da cikin Burkina. Wasu daga cikinsu ma dangi ne, jerin tsaunuka ne da ya taso daga Abzin ya ratso ta nan ya gangara Jos, na arewa sun fi tsufa na kudu sun fi ƙuruciya, amma a hoton waya duk uwarsu ɗaya. Abin da zan iya cewa kawai, in da a duwatsun kusa da gari ne motar ta kife, kwana biyu ba za su wuce tasha ba ta sani ba. Ga kuma ciyawa kore shar a gindin duwatsun alhali muna tsakiyar rani, wannan kaɗai ya isa a yi zargin tsohon hoto ne ko na wata ƙasa.

Abin da ke ƙona min rai, mai rantsuwar nan ba abin da zai same shi. Na taɓa ganin iyalin da suka fara karɓar gaisuwa a kan hoto irin wannan, wani ya ce ya san ƙasar wurin don ya yi shekara goma yana bin hanyar, kwana uku sai ga yaron ya shigo da jakarshi. Kuma 'yan damfara sun gano wannan, sai su turo hoton mota a bakin jar hanya su ce ɗanku ya yi hatsari a wuri kaza a turo kuɗin asibiti, mutane su duba su ce ai kuwa ƙasar can ce. Jama'a ku ji tsoron Allah, bin hanya shekara goma a kujerar mota bakin hanyar kawai ka sani, wanda mu muka zuba. In ba ka ga born mai lambar kilomita ba, ba ka ga allon sunan gari ba, ba ka ga lambar motar ba, to ka riƙe rantsuwarka, akwai uwar wani a cikin gurup ɗin.

Ke dai Malama gobe da sassafe ki tura wani namiji tashar manyan motoci wajen 'yan sandika da lambar kamiyon da sunan direban, su suna da lambar abokan aikinsu na Tanut da Agadas, in ya kama a leƙa wajen jandarmomi. Rashin shigar waya kuma ba abin mamaki ba ne a hanyar nan, akwai wurare da yawa da babu rezo, kuma kamiyo mai kaya in ta samu faci ko ta lalace sai ta kwana biyu a daji. Ki sa a tambayi wanda ya fara sako hoton daga ina ya samo shi, in ya ce shi ma turo mishi aka yi, ki nuna ma Inna duwatsun da farar rigar nan.