Amsa ga mai tambaya kan sifirin rasit da jimillar kuɗi a Excel

«Jama'a a taimaka. In na rubuta lambar rasit 00047 a Excel sai ta koma 47. In kuma na sa F CFA gefen kuɗi sai jimilla ta ƙi fita daidai. Ina kuma son manyan kuɗi su fito da jika.»

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don wannan F CFA ɗin ya kusa ɓata mini suna a Maradi. Ina riƙe wa wani mai gida lissafin buhunan wake da gyaɗa, sai ya kawo ɗan ƙaninsa ya riƙa shigar da ciniki in ba na nan. Yaron ya dinga rubuta 85 000 F CFA da hannunsa cikin gidan lamba. Da zarar harafi ya shiga, Excel ya ɗauke shi rubutu, `SOMME` kuma tsallake rubutu take yi shiru, ba ta gargaɗi. Ƙarshen wata jimillar kwamfuta ta gaza kuɗin da ke littafin shago, mai gida ya ce ni na goge ciniki don in ci bambancin. A gaban 'yan dako ya faɗa, har da cewa dama an gargaɗe shi a kaina. Ni da na riƙe masa makullin sito! Da na gano inda matsalar take na nuna masa, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi yaro ne. To ni da aka kira ɓarawo fa? Har yau in na wuce ƙofar shagon nan raina ɓaci yake yi.

Ka duba naka yanzu. Lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Duk kuɗin da ka gani a hagu, goge shi ka sake rubuta lambar tsurarta. Sannan ka zaɓi layin duka, ka danna dama, `Format de cellule`, `Nombre`, `Personnalisée`, ka rubuta wannan a `Type`:

```
# ##0" F CFA"
```

Za ka ga 85 000 F CFA, amma abin da ke ciki 85000 ne, jimilla za ta ƙirga shi. Riga ce kawai aka sa wa lambar. Don Allah ka lura, tazarar da ke gaban F tana cikin alamomin " ne. In ka bar ta a waje, manne da sifiri, Excel mai saitin Faransanci zai fahimci ka ce a raba da dubu. To wannan ɗin ne kuma maganin jikarka:

```
# ##0 " jika"
```

85000 zai fito 85 jika. Sai dai ni ba na sa shi a takardar da za a biya kuɗi da ita, don yana cike lamba a ido. A ce buhu uku ne, kowane 12600. Kowane zai nuna 13 jika, mai karatu ya haɗa a kansa ya samu 39, jimilla kuwa 37800 ce, ta nuna 38. Mutum irin tsohon mai gidana nan take zai ce an sace jika guda. In dole ne, yi amfani da `0,0 " jika"` ya fito 12,6.

In kwamfutarka daga Kano ko Katsina aka kawo ta da saitin Ingilishi, waƙafi ne ke yin aikin tazara: `#,##0" F CFA"` da `#,##0," jika"`. Kada ka kwafi na wani ka ce bai yi ba, duba saitinka tukuna.

Rasit kuwa mai sauƙi ne. A `Type` ɗin ka rubuta `00000`, sifiri biyar, ka shigar da 47, ya nuna 00047. Amma ka sani 47 ce har yanzu a ciki. In kana neman ta da `RECHERCHEV` a wata takarda inda aka ajiye 00047 a matsayin rubutu, `#N/A` za ka samu, don ba su ɗaya ba ne wurin Excel. Sai ka mai da su iri guda. Lambar asusu mai tsawo kuma kada ka yi mata wannan dabara ko kaɗan. Excel lambobi 15 yake riƙewa, na bayansu ya mai da su sifiri, kuma ba sa dawowa. Ita sai ka mai da gidan `Texte` kafin ka rubuta.

Kuma ina roƙonka, in akwai wani da ke taɓa maka takardar nan, zaunar da shi yau ka gaya masa lamba kaɗai zai rubuta. Kowace yamma ka ajiye kwafi mai kwanan wata a filas ɗinka, don ni da ba ni da tsohon kwafin da ya nuna ranakun da yaron ya shigar da ciniki, da babu wanda zai yarda da ni.