Faswod ɗin daidai ne, kibod ne ke maka shisshigi

"Oga barka da aiki. Wata hajiya ta zo shago jiya ba ka nan, fotal ɗin makarantar ɗiyarta ya ƙi buɗewa a wayarta amma na gwada a kwamfutar shago ya buɗe nan take, faswod ɗaya fa. Har na so in canza mata sabo. Mi ke kawo haka?"

Gara da ba ka canza ba, don da sabon ma haka zai yi maka ka ƙara rikita baiwar Allah. Tunda ya buɗe a kwamfuta to faswod lafiya lau yake, abin da wayar ke turawa ne ba shi kake zaton ka rubuta ba. Shi fa wancan gefen bai san "ya kusa daidai" ba, `g` da `G` wurinshi haruffa biyu ne daban, kuma sifes ɗin da ido ba ya gani shi ma harafi ne cikakke, ana lissafa shi.

Irin wanga ya taɓa cin mani kusan awa guda nan Gusau, wani malamin makaranta ne ya zo, munka buɗe mai akawun a kwamfuta da yuzanem `malam24` da faswod `gusau'24k`, ya koma gida ya dawo ranshi ɓace wai mun ba shi na banza. Na ce malam rubuta a gabana, ban karɓi wayar ba, don in ka karɓa ka rubuta da hannunka ba za ka ga inda matsalar take ba. Yana taɓa akwatin yuzanem sai na ga kibiyar nan ta manyan haruffa ta kunnu da kanta, ya fito `Malam24`. Kibod ɗin waya haka yake, duk farkon rubutu yana ɗauka jimla za ka fara. Yawancin shafuka ba su damu da babban harafi a imel ba, amma wasu fotal ɗin makarantu da anka gina da gaggawa suna damuwa a yuzanem.

Munka gyara wannan, ya sake ƙi. Shi akwatin faswod in yana nuna ɗige-ɗige galibi kibod ba ya taɓa shi, amma malam ya saba danna alamar idon nan kafin ya fara rubutu, kuma a wasu shafuka da ka danna idon akwatin ya koma na rubutu zalla, sai kibod ya dawo da halinshi. Ayfon ce wayar, tana da wani abu `Smart Punctuation` tun iOS 11 a 2017, shi ke maida miƙaƙƙen `'` ya koma lanƙwasasshe `’`. Wallahi sai da na matso da sikirin kusa da ido sannan na ga bambancin, a kwamfuta miƙaƙƙe munka sa. Na shiga `Settings`, `General`, `Keyboard` na kashe shi tare da `Auto-Capitalization`, ya buɗe. In ba ka son taɓa saitin mutum, danne alamar ka riƙe, za su jero maka ka zaɓi miƙaƙƙen.

Ita hajiyarka in Tecno ce ko Infinix da Gboard, na fi zargin sifes. In mutum ya fara rubutu ya taɓa kalmar da kibod ya kawo mai a sama, to kibod na ƙara sifes a bayanta, haka in ɗiyar ta turo faswod ta WhatsApp anka kwafo, sau da yawa har da sifes ko wata kalmar saƙon ake kwasowa. Gwajin ba wuya, kai kan alamar rubutun ƙarshen layi ka danna gogewa sau ɗaya, in ba harafin da ya ɓace to sifes ka goge. In idon babu, ƙirga ɗige-ɗigen, faswod mai harafi 9 ya nuna 10 ka gano ɓarawon. A Gboard shiga saitin kibod ɗin, can za ka kashe `Auto-capitalization` da `Auto-correction`.

Af, kuma duba ko kibod ɗin Hausa ta sa, yatsa ya ɗan daɗe kan `k` sai `ƙ` ta iya fitowa, mu dai ba ma sa masu ƙugiya a faswod ɗin kwastoma ko kaɗan.

Kada ka yi ta gwadawa kai tsaye, shafuka da yawa na kulle akawun bayan kuskure kaɗan a jere, sai ka jawo ma kanka jidali. Gwaji biyu ya ƙi, tsaya ka duba. In ta dawo ka bar ta ta rubuta da hannunta kana kallon kibod ɗin, ni kuma bayan la'asar ina shago, in ya gagara ka aje mani wayar.