Jerin hotunan tallar ajin ɗinki: layukan da za a cire, a haɗe, ko a mayar ƙasa

"Assalamu alaikum. Na shirya jerin hotuna bakwai na Instagram domin tallar ajin koyon ɗinki da zan buɗe a Kawo, amma rubutu ya cika su har sai da na ƙanƙanta shi. Ga su nan na ɗora. Don Allah me zan rage, tunda kowane layi ina ganin amfaninsa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na duba hotunan a waya, domin a nan masu karatunki za su gan su, kuma abin da na lura shi ne kowane shafi yana ƙoƙarin amsa tambaya uku ko huɗu a lokaci guda. Na daɗe ina tsara wa 'yan kasuwa irin wannan, kuma ma'aunin da nake bi shi ne tambaya ɗaya ga kowane shafi: mene ne, me za a koya, yaushe, a ina, nawa ne.

A shafin farko akwai sallama, da godiya, da "muna farin cikin sanar da al'ummar Kaduna", kuma sai a layi na biyar kalmar ɗinki ta bayyana. Mai jan waya da yatsa ba zai kai can ba. Ki bar "Koyi ɗinkin kayan mata cikin wata uku a Kawo" kaɗai, da manyan haruffa. Sallamar ba za ta ɓata ba, tana da gurbi a rubutun ƙasan hoto, amma maganar farin cikin a share ta. Shafi na biyu kuwa ya fara da "Haka kuma", alhali Instagram kan sake nuna wa wanda ya wuce jerin, yana farawa daga hoto na biyu, don haka dole shi ma ya tsaya da ƙafarsa.

Shafi na uku ne ya fi buƙatar aiki. Kin jera awo, ɗaukar ma'auni, yanka, riga, siket, doguwar riga da sarrafa keke, kowanne da jimlar bayani a ƙarƙashinsa. Awo da ɗaukar ma'auni abu ɗaya ne, sauran kuma za su shiga layi uku idan aka bi tsarin watanni: watan farko keke da awo, na biyu yanka da riga da siket, na uku doguwar riga. Wannan ya fi jerin farko ma'ana, domin mai son shiga za ta ga inda za ta fara da inda za ta kai. Sai dai a kula, mutane da yawa idan aka ce su haɗe layuka sai su ɗinke su da "kuma" su zama doguwar jimla guda. Idan kin haɗe amma yawan kalmomin bai ragu ba, cunkoson yana nan. Shafi na huɗu da na shida duk sun faɗi ranaku da lokaci, sai su zama ɗaya.

Rubutun ƙasan hoto yana ɗaukar haruffa 2,200, amma kusan 125 na farko ne ake gani kafin a danna more, saboda haka ki ɗauka da yawa ba za su buɗe shi ba. Tarihinki a sana'ar da sharuɗɗan biya kashi-kashi can suka dace, domin wadda ta riga ta ƙwallafa rai ce za ta neme su. Rangwamen masu yin rajista da wuri shi ma ya koma can, saboda ana iya gyara wannan rubutun bayan an wallafa, rubutun da ke jikin hoto kuwa ba ya gyaruwa.

Kuɗin ajin, da unguwa, da ranar farawa, da lambar da za a kira, waɗannan ban yarda su bar jikin hoto ba, kuma su zauna tare a shafin ƙarshe. Yawancin tallace-tallacenmu ta WhatsApp suke yawo, wata ta ɗauki hoton shafi ɗaya ta tura wa ƙanwarta a Tudun Wada, rubutun ƙasan kuwa ba ya bin sa.

Da wannan shafukan za su ragu. Instagram ya yarda da hoto 20 a jeri ɗaya, amma ƙara shafuka domin ceto layukan da aka cire zai dawo da ke gidan jiya. Ki mayar da girman rubutun yadda ake karanta shi ba tare da kusanto da waya ba, ki kuma duba salon haruffan da kika zaɓa, domin na ga ɗ da ƙ sun fita daban da sauran a shafi na biyar. Kafin ki wallafa, ki miƙa wa wadda ba ta san da ajin ba, ta duba sau ɗaya, sannan ki tambaye ta me ake koyarwa, a ina, kuma nawa ne. Tambayar da ta kasa amsawa ita za ta nuna miki shafin da ya rage gyara.